Na'ura Ce Ta Fassara, Don Allah a Maimaita Mini Adadin

A Kantin Kwari da ke Kano, yawancin cinikin sari yakan fara ne tun kafin kaya su ga ruwa, a cikin wayar hannu. Ɗan kasuwa yana zaune a kan dilar atamfa, yana rubuta wa wata masaƙa a Keqiao, babbar cibiyar yadi ta lardin Zhejiang a ƙasar Sin, ko wani wakili a Guangzhou. Shi bai iya Sinanci ba, wanda ke can bai san ko gaisuwar Hausa ba, Turancin kowannensu kuma na lallaɓawa ne. Abin da ke tsakaninsu shi ne manhajar fassara. Tun watan Disamba na 2013 Google Translate ya shigar da Hausa cikin harsunansa, kuma manhajar WeChat da 'yan kasuwar Sin suka fi amfani da ita tana da nata maɓallin fassara a kan kowane saƙo.

Abin yana aiki, babu musu. Amma akwai wani haɗari da ya zo tare da ingantuwar waɗannan manhajoji. A da, fassarar na'ura a karye take fitowa, duk wanda ya karanta ya san ba hannun mutum ba ne, sai ya yi hattara. Daga 2016, lokacin da Google ya koma sabon tsarin da ke fassara jumla gaba ɗaya maimakon guntu-guntu, sai saƙonni suka fara fitowa sumul. Jumlar da ta yi daidai da wadda ta kauce duk kamarsu ɗaya. Mai karɓa yana ganin Sinanci ko Faransanci mai kyau, sai ya ɗauka mai aikowa ya san abin da ya rubuta kalma bayan kalma, alhali shi kansa mai saƙon ba zai iya karanta abin da ya tura ba.

Saboda haka ne ya kamata mutum ya faɗa wa abokin hulɗarsa cewa na'ura ta shiga tsakani. Kuma faɗar kaɗai ba ta isa ba. Dole a haɗa ta da roƙon ya dawo da muhimman abubuwa da nasa rubutun.

Inda Hausar kasuwa ke kayar da na'ura

Hausar da manhajojin nan suka fi sani ita ce ta labarai da rubuce-rubucen da ke yawo a intanet. Hausar kasuwa kuwa a baki take, ba kasafai ake rubuta ta ba. Ɗan kasuwa ya ce yana son turmi ɗari biyar, yana nufin atamfa mai yadi shida-shida. Na'ura na iya kai wa Basine turmin daka. Dila a wurinsa ƙunshin kaya ce, amma a ƙamus dabbar daji ce ma. Mafi muni shi ne "albarka". A bakin mai sayarwa, albarka ƙin tayi ne: ban sallama ba, ƙara. Na'urar da ta mai da ita addu'ar fatan alheri ta juya ƙi ya koma kamar amincewa, kuma babu abin da zai nuna wa mai karatu cewa an yi ɓarna.

Ga kuma yadda ake rubutu a waya. Mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa a kan ƙ da ɗ da ɓ, don haka "baki" na iya zama bakin yadi, ko launin baƙi, ko baƙin da suka zo. Bahaushe yana ganewa daga abin da ke kewaye da kalmar, na'ura kuwa takan yi canke. Korewa ma tana da nata tarkon. A Hausa "ba" biyu ke kama jumla, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma idan jumlar ta yi tsawo, ko mai rubutu ya manta ta ƙarshen, fassarar na iya fitowa babu korewar sam. "Ban amince da wannan launin ba" da "na amince da wannan launin" bambancinsu a rubuce ɗan kaɗan ne, amma a kasuwa kwantena guda ce.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Sau da yawa saƙon Hausa ba ya zuwa Sinanci kai tsaye, sai ya bi ta Turanci. Ko dai manhajar ta yi hakan a cikinta, ko ɗan kasuwan ya mai da Hausarsa Turanci ya tura, can kuma a danna maɓallin WeChat a mai da shi Sinanci. Fassara biyu ke nan kafin saƙo ya isa, biyu kuma kafin amsa ta dawo. Kuskuren da ya shiga a zangon farko, zango na biyu zai gyara masa nahawu ya miƙa shi gaba fes.

Ba Hausa kaɗai abin ke samu ba. A watan Oktoba na 2017, 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine ma'aikacin gini bayan ya sa hotonsa kusa da motar rusau a Facebook, ya rubuta gaisuwar safiya da Larabci. Na'urar shafin ta fassara gaisuwar da cewa a kai musu hari. Babu wani mai jin Larabci da ya duba rubutun kafin a kama shi. An sake shi bayan sa'o'i, kamfanin kuma ya ba da haƙuri. A 2019 wasu likitoci a Amurka suka gwada Google Translate da umarnin da ake ba majinyata idan za a sallame su daga sashen gaggawa. Kashi 92 cikin ɗari na jumlolin sun fita daidai da Sifaniyanci, kashi 81 da Sinanci, kuma kashi 8 na jumlolin Sinancin suna ɗauke da kuskuren da zai iya cutar da majinyaci. Wannan tsakanin Turanci da Sinanci ke nan, harsuna biyu da suka fi Hausa yawan rubutu nesa ba kusa ba.

Jumlar sanarwa: a ina, kuma da wace murya

Abin da ke hana mutane faɗa shi ne kunya. Alhajin da ke juya miliyoyi ba ya son wani yaron ofis a Keqiao ya ɗauke shi wanda bai yi boko ba. Wannan tsoro bai da tushe sosai, domin wanda ke can ɗin ma da na'ura yake karantawa, kuma ya saba da masu saye daga ƙasashe barkatai da ke yin haka. Wanda ya ɓoye ne ke shiga uku. Ranar da aka kira shi a waya ana zuba masa Turanci ko Sinanci bisa zaton ya iya, ko ranar da aka ɗauko wata jumla da bai taɓa nufi ba aka ce ai shi ya rubuta, ba shi da bakin magana.

Wurin sanarwar shi ne farkon saƙo, bayan gajeriyar gaisuwa. Idan aka ajiye ta a ƙarshe, mai karatu ya riga ya gama fahimtar abin da zai fahimta, ya ji haushin abin da zai ji haushi, sannan ya tarar da bayanin. Idan kuwa ita ya fara gani, duk inda ya ci karo da magana mai kaushi ko baƙuwa, zai yi wa mai saƙon uzuri ya tambaya.

Ya kamata a tuna cewa ita ma sanarwar ta cikin na'urar za ta bi. Don haka ba wurin karin magana ba ne, ba kuma wurin doguwar gaisuwar da aka saba ba. "Ya gajiya, ya iyali, ya aka ji da kasuwa" a kunnen Bahaushe ladabi ne, amma idan aka fassara ta kalma-kalma, Basine na iya ganin ana tambayarsa ko ba shi da lafiya. Jumloli uku gajeru sun wadatar:

"Barka da aiki. Da Hausa na rubuta wannan saƙo, kuma manhajar fassara ce ta juya shi. Idan wata jumla ba ta fito sosai ba, don Allah ku tambaye ni kafin ku yi aiki da ita."

A lura da inda aka ɗora nauyin. Ba a ce "idan ba ku gane ba", wanda ke nuna gazawar a wurin mai karatu take. An ce jumlar ce mai yiwuwa ba ta fito ba. Wannan ɗan bambanci shi ne ladabin gaba ɗaya, musamman ga mutanen da ba sa son a nuna sun kasa a gaban baƙo. An kuma faɗi harshen asali, kuma wannan yana da amfani na zahiri: idan masaƙar tana da wani ma'aikaci ko wakili ɗan Najeriya ko Nijar, sun san wanda za su nema.

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi a nan. Na farko shi ne yawan ban haƙuri. Mutum ya cika layi huɗu da "ku yi haƙuri, ku gafarce ni, ban iya harshenku ba", har ya ƙasƙantar da kansa a cinikin da shi ne mai kuɗi. Amfani da manhaja ba laifi ba ne, sanarwa ake yi ba tuba ba. Na biyun ya fi illa, wato a mai da sanarwar hanyar zamewa, a rubuta cewa duk kuskuren da aka gani ba ruwan mai saƙo. Wanda ya karanta haka zai fahimci cewa abokin cinikinsa yana tanadin ƙofar gudu tun yanzu, kuma babu abin da ke cikin saƙon da za a iya riƙe shi a kai. Mai gaskiya yana ɗaukar nauyin abin da ya aika, shi ya sa ma yake neman a tabbatar.

Ba sai an maimaita sanarwar a kowace gaisuwa ba. Sau ɗaya a farkon hulɗa, sannan a sake ta a duk saƙon da ke ɗauke da kuɗi, adadi ko rana, ko idan sabon mutum ya karɓi zancen a can.

"Kun gane?" ba tambaya ba ce

A nan ne yawancin mutane ke yin rabin aiki. Sun faɗi cewa na'ura ce ta fassara, sai su rufe da "ina fatan kun gane". Amsa takan dawo cikin minti ɗaya: OK. Ko wata kalmar Sinanci da ma'anarta ba ta wuce "saƙo ya iso" ba, wadda na'ura za ta iya kawo wa Alhaji a matsayin "to". Hankalinsa ya kwanta, alhali babu abin da aka tabbatar. Mutumin can ya gane wani abu, tabbas, amma ba a san ko shi ne abin da aka nufa ba.

Wata shari'a a jihar Kansas ta Amurka ta nuna yadda "eh" ke zama fanko. A 2017 wani ɗan sanda ya tsayar da wani direba mai jin Sifaniyanci, ya yi amfani da Google Translate ya nemi izinin bincika motarsa. Direban ya amsa, aka bincika, aka sami miyagun ƙwayoyi. Amma jumlar da na'urar ta fitar tana iya nufin "ko zan iya neman motar?" maimakon "ko zan iya bincika motar?". A 2018 alƙalin kotun tarayya ya yanke cewa ba za a ɗauki wannan amsa a matsayin sahihin izini ba, ya yi watsi da shaidar. Mutumin ya amsa, amma ba a iya tabbatar da tambayar da ya amsa ba.

Kasuwar Hausa ta daɗe da sanin maganin wannan. Idan an daidaita a kan saniya ko buhu, ba a rabuwa da gyaɗa kai. Mai saye yakan faɗi kuɗin da bakinsa, mai kaya ya ce ya sallama, dillali ya sake faɗar adadin kowa ya ji. Abin da ake nema a saƙon da na'ura ta fassara ke nan: mai karɓa ya rubuto abubuwan da nasa hannun, da nasa lissafin, ba ya kwafo jumlar da aka aika masa ya liƙa ba.

Yadi dubu goma na shadda

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke son yadi 10,000 na farar shadda a kan dalar Amurka 1.20 kowane yadi. Jimla dala 12,000. Zai ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, wato dala 3,600, cikon 8,400 kuma idan kaya sun kammala. Yana son a loda kayan a jirgin ruwa ranar 5 ga Yuni.

Bayan gaisuwa da jumlolin sanarwa, sai ya rubuta bayanin cinikin a gajerun jumloli, kowace jumla da batu ɗaya. Ya guji turmi da dila da bandir, ya yi magana da yadi da lambobi. Sannan ya rufe da wannan:

"Kafin in tura kuɗi, don Allah ku rubuto mini waɗannan abubuwa biyar yadda kuka fahimce su, da lambobi. Na ɗaya, yawan kayan da ma'aunin da kuke amfani da shi. Na biyu, farashin kowane ma'auni da irin kuɗin. Na uku, jimlar kuɗin bisa lissafinku. Na huɗu, nawa zan fara biya, kuma za a mayar mini da shi idan cinikin bai yiwu ba? Na biyar, ranar da za a loda kayan a jirgi da sunan tashar."

Biyar sun isa. Wanda ya jera tambaya ashirin, OK ɗaya zai samu a kansu duka. Ana zaɓen abubuwan da in sun kauce ba sa gyaruwa sai da asara, sauran kuwa a bari sai sun taso.

A ce amsa ta dawo haka: mita 10,000, dala 1.31 kowace mita, jimla dala 13,100. Nan take kuskure ya fito. Masaƙun Sin da mita suka fi aunawa, Kano kuwa da yadi, kuma yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Wani wuri a hanya, yawan kayan ya koma mita, ma'aikacin can kuma ya juya farashin ya dace da mita. Yadi 10,000 mita 9,144 ne kacal. Da Alhaji ya tsaya a kan OK, da sai ya ga takardar kuɗi da ƙarin dala 1,100 da bai yi tanadinsu ba, ya fara zargin an cuce shi, su kuma su ga yana neman tayar da magana bayan an gama. Tambaya ta uku ce ta kama wannan. Shi ya sa ake neman jimla bisa lissafinsu ko da an riga an san ta: idan adadi ko farashi ko ma'auni ya goce, jimlar ba za ta yi daidai ba.

A kan irin kuɗi, alama ba abin dogaro ba ce. Alamar ¥ ana amfani da ita ga kuɗin Sin da na Japan duka, kuma lamba tsirara babu suna kowa zai karanta ta da kuɗin ƙasarsa. Gara a rubuta USD ko RMB da manyan baƙaƙe kusa da kowace lamba, domin na'ura ba ta cika taɓa su ba. Lambobi ma a rubuta su cikakku da sifirinsu. Sinawa suna ƙirga manyan lambobi da rukunin dubu goma, wanda suke rubutawa 万, ba da rukunin dubu ba, kuma wajen juya wannan zuwa dubbai sifiri yakan ƙaru ko ya ragu, a hannun mutum ko na na'ura.

Tambaya ta huɗu ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ɗan kasuwa da yawa ba su san da ita ba. Sinanci yana da kalmomi biyu da ake furtawa iri ɗaya, rubutunsu ya bambanta da harafi ɗaya: 定金 da 订金. Na'ura takan fassara su duka da kuɗin ajiya ko kafin alƙalami. Amma a dokar farar hula ta Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, ta farkon jingina ce mai hukunci. Idan wanda ya biya ya saɓa yarjejeniya, kuɗinsa sun tafi. Idan wanda ya karɓa ne ya saɓa, zai mayar da ninki biyu. Dokar ta kuma ƙayyade cewa wannan jingina ba za ta wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin ba, abin da ya haura ba ya shiga wannan hukunci. A cinikin dala 12,000, iyakar ita ce 2,400. Kalma ta biyun kuwa ana ɗaukarta a matsayin somin biya kawai, wanda a al'ada ake iya mayarwa. Don haka tambayar "kun amince da kafin alƙalami?" ba ta da amfani. Tambayar da ke aiki ita ce wadda ke neman sakamako: idan na fasa, me zai faru da kuɗin? Idan ku kuka kasa, me za ku mayar? A kuma roƙe su su rubuto kalmar Sinancin da za ta shiga takarda, a dube ta da ido, harafi da harafi.

Rana kuma a rubuta sunan wata. A Najeriya da Nijar 05/06 biyar ga Yuni ce. Sinawa suna farawa da shekara, sai wata, sai rana, don haka idon da ya saba da hakan zai iya karanta ta shida ga Mayu. "Gobe" da "jibi" da "mako mai zuwa" ma a bar su, domin agogon Sin yana gaban na Kano da sa'a bakwai. Saƙon da aka tura bayan la'asar sakaliya, a can an kusa shiga wata ranar ko an riga an shiga. A kuma bambance ranar lodi da ranar isowa. Kalmar "kawowa" na iya ɗaukar duka biyun, tsakaninsu kuwa makonni ne a teku. Gajerun sunayen sharuɗɗan ciniki na duniya suna taimakawa a nan, tunda ba a fassara su. FOB Ningbo na nufin mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar kaya sun hau jirgi a Ningbo, kuɗin jirgi na mai saye ne. CIF Lagos na nufin kuɗin jirgi da inshora har Legas suna cikin farashin.

Idan amsar ta zo da kuskure, gyaran ma da ladabi ake yinsa. Ba a cewa "kun yi kuskure". Sai a ce da alama fassarar ta canza ma'auni, abin da ake nufi yadi 10,000 ne, daidai da mita 9,144, jimla USD 12,000, a sake tabbatarwa. Jumlar sanarwar da aka sa tun farko ita ce ta buɗe wannan hanya, domin ta ba kowa wurin ɗora kuskuren ba tare da wani ya ji kunya ba.

Dalar Maraɗi da dalar Kano

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke rubuta wa mai fitar masa da kaya a tashar Kwatano ko Lome da Faransanci yana da nasa tarkon, kuma a cikin Hausar kanta yake. A Nijar, dala tamma biyar ce ta sefa, don haka dala ɗari sefa 500 ce, jika kuma sefa 1,000. Na'urar da ta koyi Hausa daga labaran rediyo da jaridu ta fi sanin dala a matsayin kuɗin Amurka, jaka kuma abin zuba kaya. Ko tsakanin Hausawa ma lissafin ya bambanta, tunda jaka a tsohon lissafin Najeriya naira 200 ce. Ga wanda zai tura saƙo ta na'ura, babu mafita sai ya juya kuɗin zuwa lamba cikakkiya ya rubuta FCFA a gefenta.

Faransanci kuma yana amfani da waƙafi a inda Turancin Najeriya ke sa ɗigo. Abin da Bakano zai rubuta 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar, mai karatun Faransanci na iya ganinsa ɗaya da rabi. A irin wannan saƙo, roƙon a rubuto jimlar da lambobi sannan da kalmomi yana rufe ƙofar.

Inda dabarar ta tsaya

Wasu kan ce ai suna mayar da fassarar zuwa Hausa su duba kafin su tura. Yin hakan yana da kyau, yana kama turmin daka da korewar da ta ɓace. Amma ba ya kama komai. Kalmomin jinginar nan biyu duk za su dawo a matsayin kafin alƙalami, mutum ya ga daidai, alhali wadda ta tafi ba ita yake nufi ba. Na'ura tana iya yin kuskure a tafiya ta warware shi a dawowa ta hanyar da ta bi, mai dubawa bai ga komai ba. Mutumin da ke ɗaya gefen ne kaɗai zai iya faɗin abin da ya isa gare shi.

Lambar asusun banki kuwa ba a tabbatar da ita ta wannan hanya. Akwai damfarar da ta yaɗu a cinikin ƙasa da ƙasa, inda ɓarayi ke kutsawa cikin imel ɗin kamfani su aiko da saƙo cewa an canza asusu. Wanda ya saba ganin jumloli masu ɗan karkata saboda fassara ba zai lura da baƙon salo ba, kuma idan ya nemi tabbaci a cikin wannan zaren, ɓarawon ne zai amsa masa. Duk canjin asusu sai an tabbatar da shi ta wata hanya dabam, kamar kiran bidiyo da mutumin da aka sani a lambar da aka saba, a kuma duba cewa sunan asusun shi ne sunan kamfanin da ke kan takarda.

Akwai kuma takardun da sanarwa da tabbatarwa ba sa isar musu. Yarjejeniyar da za a sa wa hannu, takardar kotu, bayanin likita game da magani ko tiyata, duk waɗannan aikin tafinta ne ɗan adam wanda ya san fannin. Yawancin yarjejeniyoyi masu harshe biyu suna da layin da ke faɗin wane harshe ne za a bi idan aka sami saɓani, kuma idan layin ya ce Sinanci, to fassarar da ɗan kasuwa ya karanta a wayarsa ba ita kotu za ta duba ba. A Guangzhou da Yiwu akwai 'yan Najeriya da Nijar da suka yi karatu a can suke aikin wakilci da tafinta. Kuɗin da za a ba ɗayansu ya karanta shafi biyu kafin a tura dala 3,600 bai kai ko kusa da ƙarin 1,100 da kuskuren ma'auni kaɗai zai jawo ba. Idan an gama, a roƙi masaƙar ta zuba abubuwa biyar ɗin a takardar farashi mai hatimin kamfani, a gwada ta da amsar da suka rubuto a waya layi bayan layi, sannan a je banki.